Ƙwannafi, Taurin Bayan Gida da Basir: Yadda Suka Haɗu wa Wata Mai Ciki a Agege

Tun daga yadda ta zauna na gane akwai magana. Na shimfiɗa mata tabarma, sai ta karkace ta zauna a kan cinya ɗaya, ta dafa ƙasa da hannu. Ni ungozoma ce, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Agege, ita kuma maƙwabciyata ce, gida uku ne tsakaninmu. Zan sakaya sunanta. Shekararta 27, cikinta na uku, yana mako na 29. Kwana huɗu kafin nan ta zo awo, na tambaye ta ko akwai abin da ke damunta, ta ce lafiya lau. Yanzu ga ta a ɗakina bayan la'asar, mun gaisa har sau biyu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, jini nake gani."

Idan mai ciki ta ce ta ga jini, tambayar farko ita ce daga ina. Ba a ɗaga wannan tambaya zuwa gobe, domin jinin da ya fito ta gaba a wata na bakwai yana iya zama daga mabiyiya, kuma wannan na asibiti ne a take. Ta ce a'a, ta baya ne, ja ne sosai, ɗigo kaɗan bayan ta gama yunƙuri, kuma in ta zo tsarki tana jin wani tsiro. Ɗa yana motsi? Yana yi. Ciwon mara? Babu. Sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce ta ba ni labarin tun daga farko.

Farkon ba basir ba ne. Ƙwannafi ne. Tun wajen wata na biyar take jin zafi yana taso mata daga saman ciki zuwa maƙogwaro, wani lokaci har da ruwa mai tsami a baki, musamman da dare. Matan gidansu suka ce gashin yaro ne, ta yi haƙuri, aka ba ta kanwa ta riƙa lasa. Da abin ya ƙi, ta sayi wasu fararen ƙwayoyi na taunawa a kemis. Daga nan bayan gida ya fara tauri. Ta lura ya kuma yi baƙi, ta ɗora laifin a kan jan maganin ƙarin jini da muke bayarwa wajen awo, ta daina sha ba ta faɗa wa kowa ba. Sai kwaɗayin farar ƙasa ya kama ta, kullum sai ta ci. Ranar da ta zo wurina kwananta biyar rabonta da bayan gida na kirki, in ma ya fito kamar kashin awaki yake. Abin da ya sa ta zo kuwa, wata maƙwabciya ce ta kawo mata gorar agbo na jedi-jedi, wato jiƙon gargajiya na Yarbawa da ake sha don basir, irin wanda ake yawo da shi a kwalabe a tasha, ta ji warin giya a ciki ta tsorata.

Na gode wa Allah da wannan tsoro nata. Ba wanda zai iya faɗa miki abin da ke cikin gorar nan ko yawansa, wasu kuma da barasa ake jiƙa su.

Washegari na sa ta zo asibiti. Hawan jininta 110 a kan 70, babu furotin a fitsari, bugun zuciyar ɗa daidai. Awon jini ya nuna kashi 29, alhali a mai ciki ƙasa da 33 ƙarancin jini ne. Da na duba ta baya, na ga tsiro ɗaya mai laushi kamar ƙwayar gyaɗa, yana fitowa in ta yi yunƙuri, yana komawa in an tura shi a hankali. Babu tsaga a bakin dubura. Na duba wannan ne musamman, domin tsaga ma tana kawo jan jini, sai dai zafinta daban ne: mace za ta ce miki kamar ana yanka ta da reza lokacin fitar bayan gida, kuma raɗaɗin ya daɗe bayan ta gama. Nata ƙaiƙayi ne da nauyi da rashin jin daɗin zama.

Ita a ganinta cututtuka uku ne suka far mata lokaci guda, har tana tunanin ko baki ne. Na ɗauki takarda na zana mata hanyar abinci tun daga baki har ƙasa, domin in ba ta ga yadda suke sarƙe da juna ba, za ta ci gaba da maganin ɗaya tana tayar da ɗaya.

Jikin mai ciki yana samar da wani sinadari mai suna furojestaron da yawa. Aikinsa shi ne ya sassauta naman mahaifa don kada ta matse ta fitar da ɗa kafin lokaci. To amma ba ya zaɓe. Irin naman da ke mahaifa shi ne a hanji da maƙoshi da jikin jijiyoyin jini, duk sai su yi sanyi tare. A inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wani zoben nama da ke tsuke bakin, kamar bakin zuge na jaka. In ya saki, ruwan tsamin da ke narka abinci sai ya samu hanyar hawa sama, maƙoshi kuwa ba shi da rigar kariya irin ta tumbi, shi ne zafin da ake ji. Hanji shi ma ya rage sauri. Babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci, saboda haka duk yinin da bayan gida ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake yi. Sannan ga mahaifa tana girma: a mako na 20 tana kai cibiya, a mako na 36 tana dab da ƙashin ƙirji. Ta sama tana tura tumbi, ta ƙasa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙugu zuwa zuciya, a daidai lokacin da jinin jikin mace ya ƙaru da kusan rabi. Jijiyoyin bakin dubura sai su cika su kumbura. Idan aka ɗora musu yunƙurin fitar da busasshen bayan gida kullum, sai su zazzago. Basir ke nan.

Wannan duk mai ciki tana iya fuskanta. Abin da ya sa nata ya yi tsanani yana cikin yadda yininta yake tafiya, kuma nan na fi ɗaukar lokaci ina tambaya.

Gidan haya suke, irin mai ɗakuna suna kallon juna, ɗaki goma sha biyu da bayi biyu. Da safe layi ake yi, ma'aikata da 'yan makaranta kowa na sauri. Ita kuma tana jin kunyar ta daɗe a ciki maza na jira a waje, don haka in ta ji bayan gida da safe sai ta danne, ta ce sai gida ya yi shiru. Kafin gida ya yi shiru jin ya wuce. Ruwa ma da gangan ta rage sha, saboda yawan fitsari da fita tsakar gida da dare. Da muka ƙirga, leda biyu na fiya wata take sha a yini, wato lita ɗaya, a zafin Legas. Karin kumallo shayi ne da burodin Agege. Da rana indomi ko garin rogo, abin da ya sauƙaƙa. Abincin kirki ɗaya ne, na dare, shi ma sai maigida ya dawo daga kasuwar Mile 12, inda yake sayar da albasa, kuma cunkoson hanya ba ya barinsa ya iso kafin ƙarfe goma. Sai su ci shinkafa da miya mai mai da attarugu, ta cika ciki domin ta yini da yunwa, kafin sha ɗaya ta kwanta. Tumbi cike, bakinsa a sake, ga ta a kwance: ruwan tsami ba abin da zai hana shi gangarowa maƙogwaro.

Magungunan da ta nema wa kanta su ma sun ƙara. Kanwa tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, ba ƙarya ba ne, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Amma in ta haɗu da tsamin ciki iska take haifarwa, ciki ya kumbura, a yi gyatsa, tsamin ya sake hawa. Ga ta da gishirin sodiyam mai yawa, wanda ke tara ruwa a jiki, abin da ba ma so ga mai ciki ko kaɗan. Ƙwayoyin kemis ɗin, da ta kawo mini kwalin, masu alminiyam ne, irinsu kuwa suna ƙara taurin bayan gida, kuma in an sha su tare da maganin ƙarin jini suna hana shi shiga jiki. Farar ƙasa tana cushe hanji, tana kuma riƙe sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, shi ne kuma ke cikin jan maganin. Kwaɗayinta ma sau da yawa yana tafiya ne da ƙarancin jini.

Ba ta yi kuskure ba da ta zargi jan maganin. Yana busar da ciki, yana kuma mayar da bayan gida baƙi, kuma laifinmu ne mu ma'aikata da muke miƙa shi ba tare da mun faɗi haka ba. Na sha yin wannan sakaci a ranar da layin awo ya yi tsawo. Baƙin ba illa ba ne, ragowar ƙarfen ne da jiki bai ɗauka ba. Kuskuren shi ne dainawa, domin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kayar da ita.

Da bayan gida muka fara. Ta so in ba ta abin shafawa na basir, na ce mata muddin tana yunƙuri a kan abu mai tauri, duk man da za ta shafa asarar kuɗi ne. Likita ya rubuta mata laktulos, mililita 15 safe da yamma. Wani ruwa ne mai zaƙi da ke jawo ruwa cikin hanji ya tausasa abin da ke ciki, kuma kusan ba ya shiga jini, shi ya sa ake ba masu ciki. Na gargaɗe ta cewa yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya yi aiki, kuma zai sa ta iska, kada ta ga shiru ta ninka. Na hana ta filasko da man zurma da duk wani maganin wankin ciki. Man zurma musamman yana murɗa ciki da ƙarfi, har ana tsoron ya tayar da naƙuda.

Ruwa muka mayar leda biyar a yini. Don kada fitsarin dare ya hana ta, muka tsara ta sha huɗu kafin magariba, kuma a kurɓa tsakanin abinci, ba a kwankwaɗa a kan abinci ba, saboda cika tumbi da ruwa a kan tuwo yana tayar da ƙwannafi. Na ce ta ajiye fo a ɗaki kamar yadda ake yi wa mai jego, ba abin kunya ba ne.

Abinci kuwa ban kawo mata wani baƙon abu ba, na mayar da ita ga abin da ta tashi da shi ne a gida. Da safe kunun gero ko na dawa wanda ba a tace shi ƙwarai ba, maimakon shayi da farin burodi. Da rana tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko ayoyo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, ga shi a kowace kasuwa. Kwaɗon zogale ko rama, dankalin Hausa, gwanda nunanna, kankana, dabino. Duk waɗannan suna da harza, wato ɓangaren abinci da ba ya narkewa, wanda ke riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi da auki. Wake ma yana da ita sosai, amma na ce ta fara da kaɗan. A nan ta yi gaggawa: kwana biyu ta ci wake safe da rana, ciki ya kumbura, ƙwannafi ya tashi, ta aiko yarinya ta kira ni. Muka mayar da shi ludayi ɗaya a cikin shinkafa, ana ƙarawa sannu a hankali. Harza ba tare da isasshen ruwa ba ma ƙara cushewa take yi.

Maganar bayi ita ce ta fi wuya, kuma a ganina ita ce ta fi amfani. Hanji yakan motsa da kansa jim kaɗan bayan an ci abinci, musamman na safe. Sai muka jinkirta karin kumallonta zuwa ƙarfe takwas da rabi, lokacin da gida ya watse, yadda jin zai zo mata bayi ba kowa. In ta ji, ta tafi a lokacin. Ta tsuguna, ta saki ciki, ta yi numfashi, kada ta riƙe numfashi tana turawa. In minti biyar ya wuce ba abin da ya fito, ta tashi, wani jin zai dawo. Bayinsu na tsuguno ne, wannan ya taimaka. Mai bayin zama sai ta sa 'yar kujera a ƙarƙashin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu. Tsarki da buta da muka saba ya fi goga takarda nesa ba kusa ba, sai dai a bar sabulu mai ƙamshi, a kuma tsane wurin da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba.

Shi kansa tsiron, ta riƙa zama a baho na ruwan ɗumi zalla minti goma zuwa sha biyar, sau biyu a yini da kuma bayan ta zaga. Ɗumi nake nufi, wanda gwiwar hannu za ta jure, ba ruwan da ke tururi ba, kuma ba a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kanwa. In ya fito, ta wanke hannu, ta shafa ɗan man basilin, ta tura shi a hankali tana kwance a gefe. In ya kumbura, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na 'yan mintoci. Don zafi farasitamol kawai. Ibufurofen da diklofenak da garin maganin ciwon jiki da ake sayarwa a teburi duk na hana, suna cin tumbi, kuma a watannin ƙarshe suna iya cutar da ɗa.

Ƙwannafi sai da na haɗa da maigidan. Na same shi ranar Lahadi, na ce, "Malam, abincin dare za mu raba muku." Ya yi dariya, amma da na yi masa bayani ya karɓa. Ita ta ci nata da ƙarfe bakwai, a rage mai da yaji, nasa a ajiye a kula. In ya dawo ta zauna su yi hira. Abin da ake so a samu kamar awa uku tsakanin ci da kwanciya. Da rana ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar maimakon yunwa da ƙoshi. Katifarsu a ƙasa take, sai ya naɗe tsohon bargo da tabarmi ya cusa ƙarƙashinta ta wajen kai, ta ɗaga kamar tsawon tafin hannu. Wannan ya fi tara filo, domin filo wuya kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa mace a tsakiya ya ƙara matse ciki. Ta kwanta a gefen hagu: a haka tumbi yana zama ƙasa da bakin maƙoshi, kuma mahaifa tana sauka daga kan babbar jijiyar da ke ɓangaren dama, don haka basir ma yana samun sauƙi. Zani ta daina ɗaure shi tamau a saman ciki. Shara da wanki, da gajeren tsintsiya da sunkuyo, ta bar su sai abinci ya faɗa.

Likita ya canza mata maganin ƙwannafi zuwa na ruwa mai aljinet, wanda ke yin kumfa ya yi iyo a saman abin da ke tumbi ya tare hanya, ana sha bayan abinci da lokacin kwanciya. Maganin ƙarin jini ya koma ƙwaya ɗaya a yini, da hantsi, da ɗan 'ya'yan itace, ba da shayi ko madara ba, kuma da tazarar awa biyu aƙalla tsakaninsa da maganin ƙwannafi.

Akwai abin da na maimaita mata har sai da ta iya faɗa da bakinta, a gaban mijin. Ba duk zafin saman ciki ne ƙwannafi ba. In ciwo ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙari, musamman ta dama, bai ji magani ba, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko kumburin fuska da hannu, wannan yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, kuma ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Na taɓa karɓar wadda ta kwana tana lasar kanwa a kan irin wannan ciwo. Haka in ta yi aman jini, ko abinci ya riƙa tsaya mata a maƙoshi, ko bayan gida ya fito baƙi mai danƙo da wari kamar kwalta, wanda ya bambanta da busasshen baƙin maganin jini. Ta ɓangaren basir, in tsiron ya yi tauri ya yi shuɗi-shuɗi, ya ƙi komawa, zafi ya hana ta zama, jini ne ya daskare a ciki, a zo a gani. Jini mai yawa ko wanda ya gauraye da bayan gida, ko zazzaɓi, su ma ba na gida ba ne.

A rana ta uku ta samu bayan gida mai laushi. Cikin kwana goma jinin ya tsaya, tsiron ya daina fitowa sai jefi-jefi. Bayan mako biyu muka rage laktulos zuwa sau ɗaya. Farar ƙasa ce ta ba mu wahala, sai da ta yi kusan wata tana ci a ɓoye, ita da kanta ta faɗa mini daga baya. A mako na 35 awon jininta ya kai kashi 32.

Ƙwannafi bai tafi ba. Ya ragu har ta riƙa samun barci, amma a mako na 34 ya dawo da ƙarfi duk da ba ta saki ko ɗaya daga cikin matakan ba, domin mahaifa ta kai inda za ta kai. Likita ya ƙara mata omefirazol, mai rage yawan tsamin da tumbi ke fitarwa, ta sha har ta haihu. Kwana biyu da haihuwa ta ce ta nemi ƙwannafin ta rasa.

Basir kuwa yunƙurin naƙuda ya sake fito da shi, har ya fi na da girma, kuma na riga na gaya mata hakan na iya faruwa. Ta ji tsoron bayan gida na farko, kamar yadda masu jego da yawa ke ji, sai muka koma kan laktulos tun ranar da ta dawo gida, da ruwa, da bahon ɗumi. Gwaggonta da ta zo daga Kano wankan jego ta so dama mata kunun kanwa kullum; muka zauna da ita, na ce, "Gwaggo, a bar mata kunun, a cire kanwar," ta yi ɗan gunaguni ta yarda. Da ta zo awon mako shida na duba ta, tsiron ya koma, sai 'yar fata da ta rage a bakin wurin, wadda ba ta ciwo kuma ba ta buƙatar a taɓa ta.